Darasi na Goma Sha Ɗaya: Karanta Labarin Jaridar Faransanci ta Hanyar Kintace

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Ojoo da sassafe ya san harsuna nawa ake ji a wurin. Ga Yarbanci, ga Hausa, ga Ingilishi, kuma idan kun kasa kunne sosai za ku ji Faransanci jefi-jefi. Dalili kuwa shi ne, Hausawan Ibadan ba daga Kano da Sakkwato da Katsina kaɗai suka fito ba. Tun da aka kafa unguwar Sabo a 1916, fatake suke zuwa da shanu suna komawa da goro, kuma a yau akwai mutanen Maraɗi da Tawa da Damagaram da yawa a Sabo da Ojoo da kasuwar Sasa. Saƙonnin da 'yan'uwansu ke turo musu daga Jamhuriyar Nijar, wasu da Hausa suke zuwa, wasu kuma da Faransanci.

A watan Disamba na 2020 wani ɗalibina ya zo mini da wayar mahaifinsa a hannu. Mahaifin dillalin albasa ne a Sasa, kuma ƙaninsa ya turo masa wani labari daga Maraɗi. Yaron ya ce, "Malam, Baba ya ce in karanta masa, tun da ana koya mana Faransanci a makaranta. Ni kuwa rabin kalmomin ban taɓa ganin su ba." Abin da mahaifin yake son ya sani abu biyu ne kawai: shin an buɗe hanyar da kayansa ke bi, kuma wane kaya aka yarda a shigo da shi? Amsar da ba daidai ba tana iya jawo masa asarar mota guda ta kaya.

A wannan darasi za mu yi aikin da ni da yaron nan muka yi. Labarin da ke ƙasa ni na rubuta shi da salon jaridu, na kuma gajarta shi domin aji, amma abubuwan da ke cikinsa sun faru. Kada ku buɗe ƙamus tukuna. Ku karanta shi daga farko har ƙarshe, sau ɗaya, ba tare da tsayawa a kan kowace kalma ba.

*Le Nigeria rouvre quatre postes-frontières après seize mois de fermeture*

*Abuja, 16 décembre 2020. Le président nigérian, Muhammadu Buhari, a ordonné mercredi la réouverture immédiate de quatre postes-frontières : Seme, vers le Bénin, Illela et Maigatari, vers le Niger, et Mfum, vers le Cameroun. L'annonce a été faite par la ministre des Finances, Zainab Ahmed.*

*Le Nigeria avait fermé ses frontières terrestres en août 2019 afin de lutter contre la contrebande, notamment celle du riz et du carburant. Pendant seize mois, de nombreux camions chargés de marchandises sont restés bloqués devant les postes de douane. Sur les marchés, les prix des denrées alimentaires, comme le riz et l'oignon, ont fortement augmenté. Les commerçants nigériens ont également subi de lourdes pertes.*

*Toutefois, l'importation du riz et de la volaille reste interdite. Les autres postes doivent rouvrir avant la fin de décembre.*

Ku fara da abin da ba ya bukatar fassara

Ɗalibi yakan fara da kalmar da ta fi ba shi tsoro. Wannan kuskure ne. Ku fara da sunaye da lambobi, domin su ba sa sauya kama daga harshe zuwa harshe. Kun ga Buhari, kun ga Zainab Ahmed, kun ga 2019 da 2020. Kun kuma ga sunayen garuruwa: Seme a Jihar Legas, Illela a Jihar Sakkwato, Maigatari a Jihar Jigawa, Mfum a Jihar Kuros Riba. Mene ne ya haɗa garuruwan nan? Dukkansu a bakin iyaka suke, kuma marubucin ya ajiye sunan ƙasar maƙwabta kusa da kowane. Ke nan *frontière* iyaka ce, *poste-frontière* kuma mashigar kan iyaka ce, inda jami'ai ke duba mutane da kaya. Ba ku buɗe ƙamus ba, amma kun riga kun san batun labarin.

Yanzu ku ƙirga garuruwan. Guda nawa ne? Huɗu. Ko da kun manta darasin ƙidaya, kun gano *quatre*. Haka ma *seize mois*. Labarin ya ce wani abu ya faru a *août 2019*, kuma an rubuta shi a Disamba 2020. Idan kun tuna cewa a watan Agusta aka rufe iyakokin Nijeriya, sai ku ƙirga da yatsu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Wata goma sha shida ne. To, *seize* goma sha shida, *mois* wata, *août* Agusta. Kalmar *mercredi* kuwa, kalanda ce za ta ba ku ita: ranar 16 ga Disamba 2020 Laraba ce.

Ku lura da irin wannan kintace. Ba canki-canka ba ne, domin akwai hujja a bayansa, kuma kuna iya nuna hujjar da yatsa a cikin rubutun. Duk kintacen da ba ku iya nuna hujjarsa ba, ku riƙe shi da shakka.

Kalmomin da kuka riga kuka sani da wata riga

Faransanci da Ingilishi suna da dubban kalmomi masu asali ɗaya, kuma Hausa ta aro wasu daga cikinsu. *Ministre* ita ce minista. *Décembre* Disamba ce. A cikin *ordonné* kuna jin kalmar oda, wato shugaban ƙasa ya ba da umarni. *Prix* 'yar'uwar farashi ce. *Riz* ba ta yi kama da shinkafa ba, amma ta yi kama da sunanta na Ingilishi, da kuma iresi na Yarbanci. *Oignon* ma Ingilishi ne zai kai ku gare ta, domin albasa ta Hausa da alubosa ta Yarbanci daga Larabci suka fito.

Wanda yake hulɗa da mutanen Nijar yana da wata taska ta daban. Hausar Nijar ta aro kalmomi daga Faransanci kamar yadda Hausar Nijeriya ta aro daga Ingilishi. Inda Bakano zai ce makarantar boko, Bamaraɗe yakan ce lakwal. Inda ake cewa kwastan a nan, can duwan ake cewa, babbar motar kaya kuma kamyo. Da na karanta wa mahaifin yaron nan *camions* da *douane* da babbar murya, sai ya yi dariya ya ce, "Ai Malam, wannan Hausa ce." Bai taɓa shiga ajin Faransanci ba, amma kunnensa ya san abin da idon ɗansa bai gane ba. Saboda haka idan kalma ta gagare ku a ido, ku furta ta. Wani abin sha'awa kuma, ita *douane* asalinta ɗaya da diwani, kalmar da malamai ke kiran kundin waƙoƙi da ita. Dukkansu daga kalmar da Larabawa ke kiran littafin lissafin hukuma suka fito.

Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A cikin wannan gajeren labari akwai kalmomi uku masu yaudara, kuma ɗalibina ya faɗa ramin biyu daga cikinsu. Ya ga *marchés* sai ya tuna maci, irin na sojoji da 'yan makaranta. Sai na tambaye shi: a ina farashin shinkafa da albasa ke hawa, a filin fareti? Ya ce a'a, a kasuwa. To, *marché* kasuwa ce. Ya ga *chargés* sai ya tuna caji, na waya ko na kuɗi. Amma jimlar ta ce *camions chargés de marchandises*. Me ake yi wa babbar mota da haja? Lodi ake yi mata. Ta uku ita ce *reste*, wadda ta yi kama da kalmar Ingilishi mai nufin hutu, alhali a nan tana nufin abu ya ci gaba da zama yadda yake. Za mu dawo kanta, domin a kanta hukuncin labarin ya rataya.

Dokar a nan mai sauƙi ce. Kamannin kalma shawara ce kawai take ba ku. Ku ɗauki ma'anar da kuka zata, ku saka ta cikin jimlar, ku ji ko ta zauna. Idan jimlar ta zama shirme, kamannin sun yaudare ku.

Akwai wata yaudara da ta fi waɗannan haɗari, domin harafi ɗaya ne ya raba kalmomin. A sakin layi na farko an rubuta *nigérian*, a na biyu kuma *nigériens*. Ta farko tana nufin ɗan Nijeriya, ta biyu 'yan Nijar. Ku tuna cewa sunan *Nigeria* da harafin a ya ƙare, kuma shi ne ya shiga cikin *nigérian*. Wanda bai kula da wannan ba zai iya ɗora wa shugaban wata ƙasa maganar da shugaban maƙwabciyarta ya yi.

Iyalin kalma

Kun san yadda Hausa ke gina kalmomi daga saiwa ɗaya. Daga buɗe muna samun buɗewa da buɗaɗɗe da mabuɗi. Daga rufe muna samun rufewa da rufaffe da marufi. Ɗalibin Hausa da ya gane aikin ɗafa-goshin nan na ma- ba ya bukatar a gaya masa ma'anar masassaƙi idan ya san sassaƙa. Faransanci ma haka yake.

A aji ɗaya an koya muku *ouvrir* da *fermer*, domin kullum malami yana cewa ku buɗe littafi ko ku rufe ƙofa. Ku nemi waɗannan kalmomi biyu a cikin labarin. Ba za ku same su tsirara ba, amma za ku ga 'ya'yansu har sau biyar: *rouvre*, *réouverture*, *rouvrir*, *fermeture*, *fermé*. Ɗafa-goshin *r-* ko *ré-* yana nufin sake yin abu, kamar yadda muke cewa "sake buɗewa". Ɗafa-ƙeyar *-ture* kuma tana mayar da aikatau ya zama suna, kamar yadda -wa ke yi a cikin rufewa. Yanzu kan labarin ya fito sarai: Nijeriya ta sake buɗe mashigai huɗu na kan iyaka bayan rufewar wata goma sha shida.

Haka za ku yi da *terrestres*. A cikinta akwai *terre*, wato ƙasa, wadda ake takawa. Iyakokin ƙasa ne aka rufe, ban da na ruwa da na sama. *Fortement* kuma *fort* ce, mai ƙarfi, aka ƙara mata *-ment*, wanda yake aiki kamar "da" a cikin "da ƙarfi". Farashi ya hau da ƙarfi, wato ya yi tashin gwauron zabo. Ku kuma dubi *marchés* da *marchandises* tare. Tun da kun san ta farko kasuwa ce, ta biyu ba za ta wuce kayan kasuwa ba.

Wannan hanya ma tana da iyakarta. A cikin *contrebande* kuna ganin *contre*, wadda ta zo daf da ita a jimlar, tana nufin gāba da abu. Amma rabin kalmar na biyu ba zai taimake ku ba, kamar yadda sanin fasa da sanin ƙwauri ba zai sa baƙon Hausa ya gane fasa-ƙwauri ba. A nan sai a koma ga muhallin kalmar, wato kalmomin da ke kewaye da ita da kuma abin da kuka sani game da duniya. Ƙasa ta rufe iyakokinta domin ta yaƙi wani abu da ya shafi shinkafa. Me ake yi da shinkafa a kan iyaka wanda hukuma ba ta so? Fasa-ƙwauri. Wannan ita ce ma'anar *contrebande*, kuma da kun same ta, sai ta ba ku *lutter*: me hukuma ke yi da fasa-ƙwauri? Yaƙi take yi da shi.

Ƙananan kalmomin da ke nuna hanya

Marubucin jarida yakan bayyana kalma mai wuya da kansa, ba tare da ya ce zai bayyana ba. Ku dubi *les denrées alimentaires, comme le riz et l'oignon*. Kalmar *comme* tana nufin kamar. Abin da shinkafa da albasa suke misalinsa, ai kayan abinci ne. *Notamment* ma irin wannan aiki take yi, tana nufin musamman. Fasa-ƙwaurin da ake yaƙi da shi, musamman na shinkafa ne da na *carburant*. Shinkafa shigowa ake yi da ita. Mene ne kuma ake fitarwa daga Nijeriya a ɓoye zuwa Benin da Nijar a wancan lokaci, saboda ya fi araha a nan? Man fetur. In kuna son ƙarin hujja, ku je wurin kanikawan Ojoo ku tambaye su aikin kafireto a jikin inji.

Jimlar ƙarshe ta sakin layi na biyu tana da kalmomi uku baƙi a jere: *subi*, *lourdes*, *pertes*. Kada ku firgita. Masu aikin su ne *commerçants nigériens*, 'yan kasuwar Nijar. Motocinsu sun tsaya cik wata da watanni. Me zai same su, riba ko asara? Asara. Ita ce *pertes*. *Subi* aikatau ce, tun da ta biyo bayan *ont*, kuma abin da mutum ke yi da asara shi ne ya tafka ta ko ya sha ta. *Lourdes* sifa ce da ke bayyana asarar. Ba lalle ne ku san cewa ainihin ma'anarta "masu nauyi" ba. Ya isa ku gane cewa babbar asara ake nufi, ku wuce.

Su kansu ƙananan kalmomin nan, ra'ayina shi ne kada ku yi kintacensu. Ku haddace su. Ba su da yawa, suna zuwa a kowane labari, kuma muhalli ba kasafai yake tona ma'anarsu ba, domin su ne suke gina muhallin. A wannan labari akwai *après*, bayan, *avant*, kafin, *pendant*, a tsawon, *afin de*, domin, *également*, haka kuma, da *toutefois*, amma duk da haka. Wanda ya musanya *avant* da *après* ya juya labarin baibai.

Inda kintace ya tsaya

Yanzu mun iso jimlar da mahaifin yaron nan ya fi bukata: *Toutefois, l'importation du riz et de la volaille reste interdite.*

Ɗalibina ya karanta ta kamar haka. *Importation* shigo da kaya ne, wannan daidai. *Riz* shinkafa ce. A cikin *interdite* ya ga *inter-*, ya tuna cewa a Ingilishi wannan ɗafa-goshi yana nufin tsakani, kamar a kalmar da ke nufin "tsakanin ƙasa da ƙasa". Sai ya ce wa mahaifinsa, "Baba, sun ce za a ci gaba da shigo da shinkafa tsakanin ƙasashe." Ya bi dokar iyalin kalma sarai, amma ta kai shi daji.

Ta yaya zai gane ya ɓata? Da farko, kalmar *toutefois*. Duk abin da ya gabata labarin buɗewa ne da sauƙi. Idan marubuci ya ce "amma duk da haka", abin da zai biyo baya dole ya saɓa wa buɗewa. Fassarar yaron ba ta saɓa ba, saboda haka akwai matsala a cikinta. Na biyu, labarin da kansa ya ce saboda shinkafa aka rufe iyakar tun farko. Zai yi wuya a saki shinkafar ba tare da an sa wannan a kan labari ba. Hujjojin nan biyu suna nuna cewa *interdite* tana nufin an hana, *reste interdite* kuma hanin yana nan daram. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan mai a Kwatano ko Ƙonni ya ga allon da aka rubuta *interdit de fumer*, wato an hana shan taba.

Duk da wannan, na sa yaron ya buɗe ƙamus. Me ya sa, alhali kintacenmu na biyu yana da hujja? Saboda kuskure a kan wannan kalma ɗaya yana iya sa kwastan su kama kayan mutum. Idan kalma ita ce ke ɗauke da hukunci, ko adadin kuɗi, ko yawan maganin da za a sha, kintace yana nuna muku inda za ku duba ne kawai. Ba ya maye gurbin dubawar.

*Volaille* kuwa wani darasi ne daban. Ba ta kama da kalmar Hausa ko ta Yarbanci, kuma jimlar ba ta ba da misalinta ba. Abin da muhalli ya nuna shi ne, suna ce, jinsin mace ce saboda *la*, kuma wani kaya ne da ake shigowa da shi tare da shinkafa. Zai iya zama man girki, ko taliya, ko gwanjo. Wani ɗalibi mai wayo ya tuna *voleur*, ɓarawo, ya ce kayan sata ne. Ba haka ba ne. Kaji ne da sauran tsuntsayen gida da namansu, kuma kalmar ta fito ne daga saiwar tashi sama. Idan kintace ya ba ku amsoshi uku ko huɗu da duk suka zauna a jimla, ku sani muhallin bai isa ba. Dillalin albasa zai iya wuce wannan kalma da zarar ya tabbata ba albasa ba ce. Mai sayar da daskararrun kaji ba zai iya ba.

Sai tambayar farko ta mahaifin: an buɗe hanyarsa? Kayan Maraɗi ta Jibiya suke shigowa, a Jihar Katsina. Ku koma jerin garuruwa huɗun nan. Babu Jibiya. Tana cikin *les autres postes*, sauran mashigai, waɗanda aka ce *doivent rouvrir*. Ku kwatanta wannan da *a ordonné* da *avait fermé* da *ont augmenté*, waɗanda duk suke ba da labarin abin da ya riga ya faru. *Doivent* tana nufin ya kamata, ko ana sa ran. Alkawari ne, ba aikin da aka gama ba. Kuma lalle bambancin ya yi tasiri, domin sai a watan Afrilu na 2022 hukumar kwastan ta sanar da buɗe Jibiya, tare da Idiroko da Kamba da Ikom. Amsar da yaron ya kai gida a ranar ita ce: an buɗe Illela da Maigatari, ba a buɗe Jibiya ba tukuna, shinkafa kuma har yanzu an hana.

Yadda kalmar da aka kintata ke zama taku

Kalmar da kuka gane yau tana iya guje muku gobe, domin muhallin ne ya ara muku ita. Sai kun ɗaure ta. Ku ware littafi guda, kuma daga kowane labari kada ku ɗauki fiye da kalmomi takwas ko goma. Ku zaɓi waɗanda suka maimaitu, ko waɗanda hukuncin labarin ya rataya a kansu. Ku rubuta suna tare da *le* ko *la* ɗinsa, domin jinsin Faransanci ba ya bin na Hausa: kasuwa mace ce, amma *le marché* namiji ne. A ƙarƙashin kalmar ku kwafi guntun jimlar da kuka same ta a ciki, sannan kintacenku, sannan abin da ƙamus ya ce. Kada ku goge kintacen da ya zama kuskure. Bayan wata guda zai nuna muku irin ramin da kuka saba faɗawa. A gefe kuma ku bar fili domin 'yan'uwan kalmar: kusa da *interdite* wata rana za ku ƙara *interdire* da *interdiction*.

Game da zaɓen abin karantawa, masu binciken koyon harshe sun auna yawan kalmomin da mai karatu ke bukata. Batia Laufer a 1989 ta nuna cewa fahimta tana samuwa idan mutum ya san kusan kashi 95 cikin ɗari na kalmomin rubutu, wato baƙuwar kalma ɗaya cikin ashirin. Marcella Hu da Paul Nation a 2000 sun kai adadin kashi 98 ga mai karatu ba tare da taimako ba, wato ɗaya cikin hamsin. A kan masu koyon Ingilishi suka yi binciken, amma darasin ya shafe mu. Labarinmu ya fi wannan yawan baƙin kalmomi a wurinku, kuma abin da ya cece mu shi ne mun san garuruwan, mun san shinkafa, mun san kwastan. Da labarin zaɓen wata ƙaramar hukuma ne a Faransa, da mun sha wuya. Saboda haka ku fara da labarin da kuka riga kuka ji da Hausa a rediyo, sannan ku neme shi da Faransanci, a jaridar *Le Sahel* ta Yamai ko a shafin Rediyon Faransa, wanda yake da sashen Hausa tun 2007. Ku kuma karanta labarai uku ko huɗu a kan batu ɗaya kafin ku sauya. Kalmomin iyaka za su yi ta dawowa da kansu, har ku daina ganin su baƙi.

Aiki

1. Ga jimla daga wani lamari da ya faru bayan shekara uku da 'yan watanni: *Le président Bola Tinubu a ordonné, mercredi 13 mars 2024, la réouverture des frontières terrestres et aériennes avec le Niger.* Ku fassara ta zuwa Hausa ba tare da ƙamus ba. Wace hujja ce ta nuna muku ma'anar *aériennes*? Mene ne ya hana ku ɗaukar *mars* a matsayin kasuwa?

2. A cikin labarin akwai *nombreux* da *bloqués* da *devant*, waɗanda ba mu tattauna ba. Ku rubuta kintacenku da hujjarsa da Hausa, sannan ku duba ƙamus. Wacce ce daga cikinsu ta yi kama da *avant*, kuma mene ne bambancinsu?

3. Mene ne a cikin jimlar *L'annonce a été faite par la ministre des Finances* ya nuna cewa ministar mace ce, ko da ba a ambaci sunanta ba?

4. Ku je wurin wani ɗan kasuwa ko direba mutumin Nijar a Sabo ko Ojoo ko Sasa, tare da izinin iyayenku. Ku gaishe shi da ladabi, ku roƙe shi kalmomi biyar da ake faɗa a Hausar Nijar waɗanda ba a faɗa a Hausar Nijeriya. Ku kawo su aji mu nemi asalinsu a Faransanci.

5. Ku rubuta saƙo na jimla biyar da Hausa zuwa ga dillalin albasar nan, kuna kiran sa Baba, ku bayyana masa abin da labarin ya ce da abin da bai ce ba.